Kati Yana Mutuwa Yana Tashi da Zarar Moter ko Rele Ya Motsa: Gano Dalili da Gyara

Cikin masu haɗa injin ƙyanƙyasa a nan Maradi, wannan ciwo ba baƙo ba ne. An haɗa akwati, an sa ampul biyu na 220 V don zafi, an sa moter na 12 V mai juya faifan ƙwai, katin ESP32 yana karanta zafi yana riƙe shi a wajen 37.5. A kan tebur komai yana tafiya daidai. Da an ɗora ƙwan zabi a faifai, lokacin juyi ya yi, sai rele ya ce tak, rubutun da ke kan gilashi ya ɓace, kati ya koma farko. Wani lokaci ma sai rele ya kama tak-tak-tak ba tsayawa, domin da kati ya tashi sai ya sake kunna moter, moter ya sake kashe shi.

Abin da aka saba yi shi ne a nemo kwandansa mai 1000 µF a maƙala, a ga bai yi ba, a ƙara wani, a ƙarshe a ce katin ne jabu. Katin lafiyarsa lau. Matsalar ita ce cututtuka biyu ne suke fitowa da alama ɗaya, kuma maganin wannan ba ya taɓa waccan. Za mu bi wannan injin ɗaya daga farko har ƙarshe: adafta ɗaya mai 12 V 2 A ke ciyar da komai, moter yana sha kai tsaye ta bakin rele, ɗan katin LM2596 yana rage 12 V zuwa 5 V don ESP32 da katin rele.

Mataki na farko: a kunnawa yake mutuwa ko a kashewa?

Kafin ka taɓa dalma, zauna ka kalla. Idan kati yana mutuwa a daidai lokacin da moter ya tashi, kusan kullum faɗuwar tansiyo ce, wato boltej ya yi ƙasa. Idan kuwa moter ya tashi lafiya, ya juya lafiya, sai lokacin da rele ya saki kati ya mutu ko rubutun gilashi ya zama shirme, to tartsatsi ne da harbin da koyil ke yi idan an yanke masa wuta. Idan suna biyo juna da sauri har ido ba ya bambancewa, gyara shirin ya kunna moter, ya jira sakan 10, sannan ya kashe.

ESP32 da kansa yana faɗin abin da ya kashe shi, in ka tambaye shi:

```cpp
#include "esp_system.h"
void setup() {
  Serial.begin(115200);
  Serial.println((int)esp_reset_reason());
}
void loop() {}
```

Lamba 9 ita ce `ESP_RST_BROWNOUT`, wuta ta yi ƙasa, kuma galibi za ka ga `Brownout detector was triggered` a kwamfuta. Lamba 4 shirin ne ya rikice, 5 zuwa 7 kuma agogon tsaro ne ya ga shiri ya maƙale. Lamba 1 tana da fuska biyu: ko wuta ta ɗauke gaba ɗaya ta dawo, ko wani abu ya ja ƙafar `EN`, mai sake tayar da kati, ƙasa, domin ESP32 na asali ba ya bambanta su.

Akwai tarko a nan. Da ka soka wayar USB daga kwamfuta, kwamfutar ta shiga ciyar da katin, ciwon ya ɓuya, ka ce ka ga ya daina. Saboda haka ka sa lambar ta fito a gilashin injin na sakan biyu duk lokacin da kati ya tashi, ka yi gwajin ba USB.

Gwaji ɗaya ya rage, kuma shi ne ya fi raba gardama. Cire wayar moter daga bakin rele, ka bar rele yana buɗewa yana rufewa shi kaɗai. In har yanzu kati yana mutuwa, koyil ɗin rele da hanyar 5 V ne masu laifi. In ya daina, moter ne.

Abin da ke faruwa a ƙiftawar ido

Moter da ke tsaye bai san lambar da aka rubuta a jikinsa ba. Lokacin da yake juyawa, shi ma yana haifar da tansiyo mai turo wutar baya, shi ya sa yake shan kaɗan. A sakan na farko kuwa babu wannan turowa, ba abin da ke tare wuta sai wayar tagullar da aka naɗe a cikinsa. Auna ta da multimita: haɗa bakunan mitar biyu ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, sannan ka auna moter ka debe wancan. Mu ce ka sami 1.5 Ω. To 12 ÷ 1.5 ya ba ka 8 A a tashin farko, ga moter ɗin da yake shan kamar 1 A idan ya kama gudu. Faifai cike da ƙwai yana tsawaita wannan lokaci, shi ya sa injin da babu kaya bai nuna komai ba.

Adafta mai 2 A ba ta da 8 A da za ta bayar. Wata takan durƙusa, tansiyo ya sauko zuwa 4 ko 5 V na ɗan lokaci ya koma. Wata kuma takan ɗauka wayoyi ne suka haɗu, ta kashe kanta, ta jira, ta sake gwadawa. Riƙe wannan bambanci, zai yi mana amfani nan gaba.

Daga nan faɗuwar takan gangaro mataki-mataki. LM2596 yana son kamar 7 V a shiga kafin ya riƙe 5 V a fita hankali kwance. A kan yawancin katunan ESP32 akwai AMS1117 mai rage 5 V zuwa 3.3 V, shi kuma yana cin fiye da 1 V a tsakani, don haka da shigarsa ta sauko ƙasa da 4.5 V, fitarsa ta fara bin ta. An ƙera ESP32 ya yi aiki tsakanin 3.0 da 3.6 V, kuma mai gadin da ke cikinsa yana kashe shi idan wuta ta kai wajen 2.4 V. Wayar iska, wato Wi-Fi, tana ƙara wa abin nauyi, don lokacin aika saƙo katin yana zuƙar kusan 240 mA.

Masu Arduino Uno ko Nano, naku ya fi ɓoyewa. A Uno mai gadin yana kan 2.7 V, alhali ATmega328P a 16 MHz yana son kamar 3.8 V. Tsakanin lambobin nan biyu katin bai mutu ba, amma ba a hayyacinsa yake ba, yana iya maƙalewa da ampul a kunne.

Wannan ne ya sa ban yarda da layin nan da ake ta kwafa ba, `WRITE_PERI_REG(RTC_CNTL_BROWN_OUT_REG, 0);`, mai kashe mai gadin. Wutar ba ta gyaru ba, an dai hana kati ya faɗa. In faɗuwar ta same shi yana rubuta ranar da aka sa ƙwai a ma'ajiyarsa, rubutun na iya lalacewa.

Mataki na biyu: auna tsawon faɗuwar

Multimitar kasuwa tana karantawa sau biyu ko uku a sakan, faɗuwar kuma millisakan hamsin ce, ba za ta gan ta ba. Sai ka ga 12.1 V a tsaye ka rantse wuta lafiya take. Amma katin da kansa zai iya zama mitar.

Cire wayar 5 V da ke zuwa daga LM2596. Ciyar da ESP32 daga kwamfuta, ka ba katin rele 5 V daga ESP32 ɗin na lokacin gwaji kawai. Ɗauki rezistans biyu, 47k daga +12 V zuwa ƙafa ta 34, 10k daga ƙafa ta 34 zuwa `GND`, ka haɗa `GND` ɗin kati da ƙafar ragi ta adafta. Da wannan rabo, 12 V yana zama 2.1 V a ƙafar, 7 V kuma 1.23 V.

```cpp
int kasa = 0;
digitalWrite(RELE, LOW);
for (int i = 0; i < 1000; i++) {
  if (analogReadMilliVolts(34) < 1230) kasa++;
  delay(1);
}
digitalWrite(RELE, HIGH);
Serial.println(kasa);
```

Yawancin katunan rele da `LOW` suke kunnuwa, shi ya sa aka rubuta haka. Lambar da ta fito ita ce kusan millisakan nawa wutar ta yi ƙasa da 7 V. Yi gwajin da kaya a faifai, ko da duwatsu ne masu nauyin ƙwan, ka maimaita sau da yawa ka ɗauki mafi girma. Mu ce 50 ta fito.

Mataki na uku: kwandansa, amma a bayan diyod

Lissafin ɗaya ne: `C = I × t ÷ ΔV`. Wato yawan amfer da za a sha, sau tsawon lokaci a sakan, a raba da yawan tansiyon da aka yarda ya faɗi.

Fara gwada shi a kan kwandansan nan mai 1000 µF da aka maƙala a bakin adafta. Moter yana jan 8 A. A wannan ja, kwandansan yana zubar da 1 V cikin kashi ɗaya bisa takwas na millisakan ɗaya. Kafin kati ya amfana da komai, moter ya shanye shi. In kana son ya riƙe moter na millisakan 50 da faɗuwar 1 V kacal, 400,000 µF kake nema. Kamar randar ruwan sha ce da aka haɗa da bututun ban-ruwan lambu: da famfo ya ɗauke, lambun ne zai zuƙe randar.

Gyaran shi ne a sa ƙofar da ruwa ke shiga ba ya komawa. Daga +12 V, sa diyod 1N5819, ko 1N4007 in shi ke hannunka, gefen da ke da zobe yana kallon LM2596. Bayan diyod ɗin, a bakin shigar LM2596, nan kwandansan zai zauna. Wayar moter kuma ta tashi daga gaban diyod. Yanzu in adafta ta durƙusa, diyod ya rufe, abin da ke cikin kwandansa na kati ne shi kaɗai.

Sai girmansa. ESP32 da gilashi mu ba su 250 mA, koyil ɗin rele irin SRD-05VDC yana shan kamar 70 mA. Jimla 320 mA a 5 V, wato 1.6 W, in ka ƙara asarar LM2596 ya zama kamar 2 W. Kwandansan zai fara daga 11.5 V, an yarda ya sauka har 7 V, tazarar 4.5 V ke nan, kuma a tsakiyar wannan tazara 2 W yana nufin kamar 0.22 A. Saboda haka `0.22 × 0.05 ÷ 4.5` ya ba da kusan 2400 µF. Ɗauki 3300 µF ko 4700 µF mai 25 V.

Dubi abin da zai faru da a gefen 5 V ka sa shi. Can tazarar da kake da ita daga 5 zuwa 4.6 V ce, 0.4 V kawai, lissafin ya koma `0.32 × 0.05 ÷ 0.4`, wato 40,000 µF. Aiki ɗaya, amma ninki goma sha shida. Babban kwandansa wurinsa gefen tansiyo mai yawa ne.

Ƙananan kuma aikinsu daban. Sa 470 µF a ƙafar 5 V ta katin, 100 µF da ɗan ƙaramin nan mai lamba 104, wato 100 nF, tsakanin `3V3` da `GND`, ƙafafunsu gajeru, a manne da katin. Waɗannan na tare zuƙar wayar iska ne da ƙananan hayaniya masu sauri da babban ba ya iya bi. Kwandansa da ke can nesa a ƙarshen waya mai tsawon taƙi ya rasa rabin amfaninsa.

Kula da ƙafa: gefen da ke da farin layi na ragi ne, in ka juya shi zai kumbura ko ya fashe. Nemi mai rubutun 105°C. Zafi ke busar da irin wannan kwandansa, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu, ga zafin Afrilu na Maradi da ke haura 40, ga akwatin da dama an yi shi don ya riƙe zafi. Fito da katunan waje, a inuwa. In daga tsohuwar talabijin za ka ciro, wanda kansa ya kumbura ka bar shi, babban mai 400 V na bakin shigar wuta kuma kada ka taɓa ƙafafunsa sai ka sauke cajinsa.

Mataki na huɗu: inda kwandansa ya gaza, raba wuta

Koma kan lambar gwajin. In 50 ko 80 ta fito, diyod da kwandansa sun isa. In ta fito 600, ko ta cika 1000, adaftar irin mai kashe kanta ce. Riƙe kati na sakan ɗaya zai ci kusan 49,000 µF, kuma ko ka riƙe shi, moter ɗin bai sami wutar tashi ba. A nan ko ka sayi mai ba da wuta da ke iya ɗaukar tashin moter, ko ka raba. A ganina rabawa ta fi sauƙi kuma ta fi kwanciyar hankali: caja mai kyau ta 5 V 2 A ga ESP32 da gilashi da na'urar auna zafi, wata wuta daban mai 12 V ga moter. Wayar cajar ta zama gajera mai kauri, siraran wayoyin USB na bakin hanya su kaɗai suna iya cin rabin bolt.

Wurin da mutane ke ruɗewa shi ne `GND`: a haɗa ko kada a haɗa? Ya danganta da abin da ke tsakani. In MOSFET ne ko L298N ke tuƙa moter, dole a haɗa, domin umarnin kati da `GND` ake auna shi. A haɗa a wuri ɗaya tak, a bakin mai ba da wutar moter. In kuwa rele ne, bakinsa ba shi da alaƙa da koyil ɗinsa, don haka wutar moter ba ta buƙatar taɓa kati ko kaɗan.

Katunan rele masu biyu ko huɗu suna da ɗan maƙali tsakanin `VCC` da `JD-VCC`. Muddin yana nan, koyil yana sha daga wutar kati. Cire shi. Ba `JD-VCC` da `GND` na katin rele 5 V daga LM2596 ɗin nan da ke gefen moter, tunda yanzu ba shi da aiki. Daga ESP32 wayoyin `VCC` da `IN` kaɗai za su je, ba `GND`. Yanzu haske ne kawai ke ratsawa tsakaninsu a cikin PC817, ɗan abin nan da ke kan katin rele mai isar da umarni da haske.

Masu batir da sola saboda ɗaukewar wuta, batir mai lafiya ba ya jin 8 A. Inda abin ke lalacewa shi ne waya. Tagulla mai 0.75 mm², mita 5 zuwa mita 5 dawowa, tana da kamar 0.23 Ω, a 8 A ta ci kusan 2 V, ga maƙalin bakin batir da ya yi tsatsa ya ƙara nasa. Ja wayoyi biyu-biyu daga bakin batir kansa, ɗaya jerin na moter, ɗaya na kati, kowanne da fis ɗinsa, ka kuma bar diyod da kwandansan a jerin kati. Kada wutar moter ta dawo ta wayar ragi ta kati, ko ta cikin allon gwaji mai ramuka.

Mataki na biyar: in a kashewa yake mutuwa

Wannan ita ce cuta ta biyu, babban kwandansa ba ya mata komai. Koyil ba ya yarda a yanke masa wuta farat ɗaya. Da bakin rele ya buɗe, moter yana harbo tansiyo mai yawa, tartsatsi ya tashi a bakin, hayaniyar ta bi wayoyi ta shiga duk wata ƙafa mai rauni, musamman `EN` da wayoyin gilashi. A nan ne za ka ga lamba 1 ko 4, alhali gwajin ƙafa ta 34 bai nuna wata faɗuwa ba.

A kashe ta a inda ta taso. In moter gefe ɗaya yake juyawa, sa diyod 1N5408 a kan bakunansa biyu, zobe yana kallon ƙari, ka kuma liƙa 104 a wurin. Amma faifan ƙwai da yawa dama da hagu suke karkata, rele biyu suna juya wa moter wuta. A irin wannan, diyod ɗaya a kan moter haɗa wayoyi ne kai tsaye da zarar an juya, zai ƙone ko ya ƙona fis. Diyod huɗu ake sawa: daga kowane bakin moter ɗaya zuwa +12 V da zobe a wajen +12 V, ɗaya kuma daga ragi zuwa bakin da zobe a wajen bakin. Shi 104 ba ruwansa da juyi, ya zauna. In rele tsirara ka tuƙa da transisto, shi ma koyil ɗinsa yana son 1N4007, amma katunan da ake sayarwa a haɗe suna zuwa da nasu.

A gefen 220 V ba a sa diyod. Rezistans 100 Ω a jere da kwandansa 100 nF ake sawa a kan kayan da rele ke kunnawa, musamman in fanka ce ko moter na 220 V. Kwandansan dole ya zama mai rubutun X2 275 V, ba 104 na kati ba, kuma a zare filogi daga bango kafin a sa hannu. Ampul mai zare kuwa a kunnawa take dukan bakin rele, don zarenta da sanyi yana jan kusan ninki goma na abin da yake sha da zafi. In shirinka yana kunnawa yana kashewa a kan lamba ɗaya, rele zai yi ta rawa, ba shi tazara: kunna a 37.4, kashe a 37.8.

Saura jeren wayoyi. Kada wayar na'urar auna zafi ta bi ɗauri ɗaya da ta ampul ko ta moter. In dole su gamu, su gitta juna. Murɗa wayoyin moter biyu tare. A ƙafar `EN`, ƙara 1 µF zuwa `GND`, wanda da rezistans 10k da ke kan katin shi ne haɗin da Espressif ke ba da shawara.

A cikin shirin ma akwai abin gyara. Kada `setup()` ya kunna moter da tashin kati, ba shi sakan biyar. Kada ampul da moter da aika saƙo su faɗo lokaci ɗaya, raba su da sakan ɗaya-ɗaya.

Kafin ka sa ƙwai, cika faifan da nauyi, ka sa shirin ya riƙa juya shi duk minti ɗaya maimakon duk awa biyu, ya kuma ƙirga sau nawa kati ya tashi, ya adana ƙidayar da `Preferences` tare da lambar dalili. Bar shi ya kwana ya wuni, ya ratsa zafin azahar da lokacin magariba da wutar gari ke rauni. Ƙidayar ta tsaya a 1. In ta motsa kuma dalilin 9 ne, koma ka sake auna ƙafa ta 34 a daidai wannan lokaci na yini. In 1 ko 4 ne alhali wutar gari ba ta ɗauke ba, koma kan diyod ɗin moter da jeren wayoyi.